Awon Jini a Tashar Argungu

Shekarun da na yi ina aikin jinya a wani asibiti a Argungu, a Birnin Kebbi nake kwana. Gidanmu yana unguwar Nasarawa, maigidana da yara duk suna can, don haka kullum da sassafe sai in hau keke zuwa tasha, in shiga motar haya. Wanda yake bin hanya ɗaya kullum yakan san direbobinta fiye da yadda ya san wasu danginsa. Na san mai gudu, na san mai tsayawa sayen goro, na san wanda rediyonsa ba ya kama komai sai wa'azi.

A cikinsu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ba ya gudu, ba ya faɗa da fasinja, kuma yakan goge motarsa kamar za a kai ta gidan miji. Idan layi ya zo kansa mata har murna suke yi. Kafin in rubuta wannan sai da na je na nemi izininsa, na kuma canza abubuwan da za su sa a gane shi. Ya ce in rubuta, amma kada in kuskura in ce ya ji tsoro. To, Baba bai ji tsoro ba. Gumi kawai ya yi ta yi.

Akwai kuma Inna mai kifi, wadda kusan kullum muke haɗuwa a mota. Da safe takan tafi Argungu da kwandunanta wayam, da yamma ta dawo da su cike da banda. Inna ba ta da mugunta, sai dai duk maganar da ta shiga kunnenta a Birnin Kebbi, kafin azahar masunta sun ji ta a bakin gulbi, har da ƙarin da ta yi mata a hanya.

Wata rana ina ɗakin da muke auna marasa lafiya kafin su ga likita, na kira mai bi. Sai ga Baba ya ɗaga labule, ya ja hula har gira. Da muka haɗa ido ya tsaya cak. Ashe dabara ya yi: ya tsallake duk asibitocin Birnin Kebbi don kada ya gamu da idon sani, ya taho Argungu, ya faɗo hannun matar da yake ɗauka kusan kowane mako. Ya san ni nas ce, bai taɓa tambayar inda nake aiki ba.

"Sista, ashe ke ta nan?" ya ce.

"Ni ta, Baba. Shigo ka zamna."

"A'a, ɗaki nib ɓata."

"Ba ka ɓata ba. Ga katinka hannuna."

Ya zauna a bakin kujera. Na ce masa abin da nake faɗa wa kowa, cewa maganar da aka yi a ɗakin nan ba ta fita sai ga masu yi masa magani. Sai ya buɗe baki ya nuna mini harshensa. Gefensa a tauna yake. Ya ce a gonarsa ta shinkafa a Zauro ya faɗi, bai san inda yake ba, ya farka ya ga tufafinsa a jiƙe, ƙanensa yana tsaye a kansa yana salati. Kuma ba wannan ne na farko ba. An yi wani da damina a cikin gida, aka ce iska ce, aka yi hayaƙi.

Likita ya duba shi, ya yi wa ƙanen tambayoyi ta waya, ya rubuta gwaje-gwaje, ya ce farfaɗiya ce. Ya ɗora shi a kan maganin da ake sha kullum ba fashi. Sannan ya faɗa masa abin da ba ya son ji: babu tuƙi. Sai an daɗe ƙwarai bai faɗi ba, an sake duba shi, kuma mai ɗaukar fasinja sharaɗinsa ya fi na kowa tsanani. Baba ya ce to. Irin "to" ɗin da mutum yake yi wa mai wa'azi a kasuwa.

A baranda ya tare ni. Ba maganar mota ya fara yi ba.

"Sista, ɗiyata an sa mata rana. In anka ji sunan ciwon ga, kin san mutane. Cewa za su yi gado na. Ko ƙwarya guda ba a ƙara sha da ni."

Na san gaskiya ya faɗa. Na sha ganin mai farfaɗiya ya faɗi a kasuwa mutane sun watse don kada yawunsa ya taɓa su, alhali ba a ɗaukar ciwon ta yawu ko ta numfashi. Na ce masa sunan ciwonsa ba zai fito daga bakina ba. Na ce amma ya ajiye mota. Ya yi mini alkawari har da dafa ƙirji.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na sami babbar sista. Mutuniyar Filato ce, ta tsufa a aikin, kuma ba ta son dogon zance. Na tambaye ta, idan na gan shi a bayan sitiyari fa?

"Sirrinsa nasa ne," ta ce. "Amma wuyan fasinja ba nasa ba ne. Da farko ki yi magana da shi. In ya ƙi, ki kira likita, kada ki yanke hukunci ke kaɗai. In dole sai an faɗa, a sanar da shi tukuna cewa za a faɗa. A faɗa wa mutum ɗaya wanda zai iya tsayar da motar, kuma iya abin da zai tsayar da ita. Ba fasinja ba, ba mijinki ba. Sannan ki zo mu rubuta abin da aka yi a fayil."

Muka shiga wurin likita tare, ya ce haka ne, ya ce in kira shi ko yaushe ne.

Makonni suka wuce ban ga Baba a tasha ba. Inna ta ce ya je ta'aziyya Jega, washegari ta ce a'a, aure zai ƙara. Ni dai ina ta jin daɗi a raina.

Sai wata safiya na sauka daga keke, na ga motar nan tana sheƙi a kan layi, but a buɗe, ɗan kamasho yana kiran Argungu. Baba yana tsaye da tsumma a hannu, ya yi aski, ya sa sabuwar riga. Inna ta riga ta shige baya da kwandunanta. Akwai wata mai goyo, da ɗalibai biyu, da wani malamin makaranta. Saura mutum ɗaya mota ta cika, kuma ni ce mutum ɗayan.

Haushi ya kama ni sosai. Hanyar nan akwai manyan motoci, akwai shanu masu tsallakawa, akwai wuraren da in ka sauka daga kwalta sai fadama. Na koma bayan wata rumfa na kira likita. Ya ce in yi masa magana yanzu, in ya ƙi, in je wurin ciyaman na tasha in ce asibiti ta hana shi tuƙi, kada in ƙara ko kalma, shi kuma zai bi da takarda.

Faɗa da sauƙi. A tasha babu inda mace za ta ja dattijo gefe ba a gani ba. In na ce, "Baba, zo mu yi magana," Inna za ta sako kai ta taga. In na ƙi shiga motar, wani zai cike gurbin su tafi, in tsira ni kaɗai. In na ce kowa ya sauka, za a tambaye ni dalili, kuma duk wanda ya ga nas tana hana mutane shiga motar wani ya san ba taya ce ta yi faci ba.

Ina laluben jaka don in mayar da waya sai hannuna ya taɓa abin awon hawan jini. Nawa ne na kaina, ina yawo da shi saboda surukata. Duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar nan ya san abu ɗaya: mutanenmu za su iya ƙin allura, su ƙi magani, amma ba su ƙin awon jini, balle a ce kyauta ne. Na je na zauna a bencin mai shayi, na fito da shi na ɗora a cinya, na ce da ɗan kamasho, "Zo in gwada ka, na ga idonka ya yi ja."

Kafin in gama da shi mutum biyar sun tsaya. Malamin makaranta ya fito daga mota yana naɗe hannun riga. Mai goyo ta biyo shi. Inna ta yi ta maza na ɗan lokaci, sannan ta fito tana cewa ita ce babba, ita za a fara yi wa. Motar Baba ta koma wayam sai kwanduna.

Na kafa doka da ƙarfi don kowa ya ji: "Sakamakon kowa kunnenai nika hwaɗa mai. Jinin wani ba labarin wani ba na." Haka kuwa na yi. In na auna mutum sai in sunkuya in raɗa masa. Ba wasa na yi da awon ba. Mutum biyu na samu nasu ya hau sosai, na ce su je asibiti a ranar. Inna nata lafiya lau, abin da ya ɓata mata rai, don ta daɗe tana gaya wa 'ya'yanta su ne suka sa mata hawan jini.

Baba yana can jikin mota yana goge madubin da ya riga ya goge. Direbobi suka fara tsokanarsa. Wani ya ce tsoho yana tsoron a gano shekarunsa. Inna ta ce ita ba ta shiga motar wanda ba a auna ba. Da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya taho ya zauna ya miƙo hannu, fuskar nan a murtuke.

Na naɗa masa, na matsa, na sunkuya kamar yadda na yi wa kowa.

"Baba, jininka lahiya lau. Kana shan magani?"

"Na bari. An yi man rubutu, ban ƙara hwaɗuwa ba."

"Sha rubutunka, ba ni hana ka. Amma barin maganin ga shi ka maido da ciwon, kuma ba shi sallama in zai zo. Ba ka tada motag ga yau."

"Sista, gida babu hatsi. Ga biki tahe."

"Na sani. Ga mai goyo can kuma. Na yi waya da likita. In ka shiga motag ga, ciyaman za ni, in ce asibiti ta hana ka tuƙi. Sunan ciwo ba ni hwaɗi. Amma na hi son ka hwaɗi da bakinka, in raka ka."

"Kin yi man alkawali."

"Kai ma ka yi man."

A nan ne gumin ya fara. Na sake matsa abin awon don mutane su ga kamar ina maimaitawa ne. Inna ta matso, na ɗaga kai na harare ta, ta koma. Can sai ya raɗa mini, "To ki ce hawan jini na. Ciwon alhazzai na, ba a jin kunyatai."

Wallahi na so in yi dariya, kuma na ji tausayinsa har cikin raina. Na ce masa ba zan faɗi ciwon da yake da shi ba, ba kuma zan ƙirƙira masa wanda ba shi da shi ba. Abin da zai ce game da jikinsa shi ya sani. Ni abu ɗaya nake so, kada ya riƙe sitiyari.

Ya miƙe, ya zare hannunsa, ya nufi rumfar ciyaman ba tare da ya dube ni ba. Na tattara kayana na bi shi, mutanen da ba a auna ba suna ta ƙorafi a bayana.

Ciyaman mutum ne mai ƙiba da carbi, yana karyawa da ƙosai. Baba ya sa aka fitar da masu zaman rumfar, ya tsaya ya ce, "Ciyaman, likita ya ce in aje tuƙi."

Ciyaman ya dube ni. "Sista, gaskiya na?"

"Gaskiya na. Takarda na nan tahe."

"Mi ka damunai?"

"Wanga sai shi."

"Ni fa uban tasha na. Ba a ɓoye man komi."

"Ranka shi daɗe, ran da kaz zo asibiti, in wani yat tambaye ni mi ka damunka, amsag ga za ni ba shi."

Ya tsaya da tauna. Ban san abin da ya tuna ba, amma bai sake tambaya ba. Ya ce ai a ƙa'idar tasha layi na mota ne, ba na direba ba. Baba ya kawo wanda ya yarda da shi ya ja, gurbinsa yana nan. Na ranar kuwa, aka kira wani direba da tasa motar ke gareji ya kai mu a motar Baba. Na isa aiki a makare, na wuce kai tsaye wurin babbar sista muka rubuta abin da ya faru. Da na zo kan awon jini sai ta cire tabarau ta dube ni, ta ce wannan ba ya cikin abin da ta koya mini. Ba ta ce kada in sake ba.

Kafin la'asar tasha ta yanke hukunci da kanta: Sista ta auna Baba ta ga jininsa ya kai bango. Ni ban faɗa ba, ban kuma ƙaryata ba, don ƙaryatawar ma buɗe ƙofa ce. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ba na maganar jikin mutane. Baba ya karɓi hawan jininsa hannu biyu. Har gishiri ya daina ci a gaban jama'a.

Ba zan ce abin ya zo masa da sauƙi ba. Ɗan ƙanensa ya karɓi motar, abin da take kawowa ya zama na raba biyu, kuma yaron bai iya lallaɓa ta ba. Baba ya koma zama a benci yana kallon yadda ake buga masa ƙofar mota. Ya koma kan magani, yana zuwa asibiti, amma ya roƙa a riƙa ba shi wata nas ɗin. An yi bikin ɗiyarsa lafiya, ba a gayyace ni ba. Ya fi shekara in na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Abin ya yi mini ciwo, don ina ganin girmansa.

Inna ce ta ɗauki yaƙin. Ta ce na cire wa dattijo abinci daga baki saboda ɗan hawan jinin da kowa ke yawo da shi. Ta ce ga direba wane, jininsa ya fi na Baba hawa, yana tuƙi. Ta ce akwai wata a ƙasa, kuma sai ta ji ta. Ta gwada ni da faɗa, ta gwada ni da rantsuwa, ta gwada ni da kifi mai kyau a leda. Na ci kifin na yi godiya. Wata rana ta ce ai Baba da kansa ya gaya mata komai, ni dai in cike mata ƙarshen. Na ce to tunda ya gaya mata, ta ba ni labari. Ta yi tsaki ta juya mini baya har Argungu. Sau da yawa maganar takan zo mini har maƙogwaro, musamman in ta kira ni marar imani a gaban baƙi. Kalma ɗaya za ta wanke ni, kuma kalmar ba tawa ba ce.

Ana haka har na kusa barin Argungu. Wata ranar aiki ina ɗakin awo, sai abokiyar aikina ta leƙo ta ce wata tsohuwa tana waje ta ƙi kowa, ta ce sai 'yar Birnin Kebbi mai taurin kai. Na ce a shigo da ita. Inna ce, ba kwando, ta lulluɓe har ido. Ta tura ƙofa da kanta, ta duba bayan labule, ta zauna.

"Inna, lahiya? Ga nas-nas da yawa, mi yas sa sai ni? Ni da ba ni da imani."

"Ke, bari," ta ce. "Shekara nawa ina zunguran ki ki hwaɗa man na mutumin can? Na zage ki, na ba ki kihi, ba ki hwaɗi ba. In ni ban iya buɗe bakinki ba, babu mai iyawa garin ga." Ta jawo kujerarta kusa da tawa. "Ɗiyata, matso da kunnenki."

Na matsa. Ta daɗe tana magana, ta yi kuka kaɗan, na riƙe mata hannu har ta gama, sannan na raka ta wurin likita. Da yamma muka dawo a mota ɗaya, tana ta ba fasinjoji labarin wata amarya da ta gudu daga Gwadangaji, ta kuma ce da ni in matsa, na cika mata wuri.